Banan talla mai ƙafa 6 da 2: a zana shi da faɗinsa, ko a zana ƙarami a ƙara masa fili?

"Salamu alaikum. Ina da shagon taki da iri a bakin titi a Ɗambatta, ina son bana mai faɗin ƙafa 6, tsayi ƙafa 2. Hoton da manhajar zane ta yi min ya yi kyau, amma ya cika ko'ina, babu inda zan sa rubutu. Wani ya ce tun farko in nemi hoto mai faɗi, wani kuma ya ce in yi ɗan daidai daga baya a ƙara gefe. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ana yi, amma kafin ka sake taɓa waya, ɗauko biro mu yi lissafin rubutun, don shi zai nuna maka filin da kake nema.

Ƙafa 6 da 2 inci 72 ne da inci 24, wato 3:1. Ba duka ne naka ba. Mai buga fleks zai naɗe baki ya huda ramukan igiya, saboda haka ka bar inci 2 a kowane gefe, kada harafi ko fuskar mutum ta shiga ciki. Sai ka ba hoto, misali na manomi da buhunan taki, sulusin dama, inci 24. Abin da ya rage wa rubutu daga hagu bai wuce inci 44 ba. Masu aikin allon talla suna da ƙiyasi: kowane inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi a sake daga nisan ƙafa 10. Idan kana son na tsallaken titi, kamar ƙafa 50, ya karanta, harafinka inci 5 ne. "TAKI DA IRI" gurbi 11 ne har da tazara, kuma da harafi mai kauri zai ci wajen inci 37. Ya shiga, da ɗan wurin shan iska, lambar waya kuma ta zauna a ƙasa da harafi inci 3. Ka ga ke nan kusan kashi biyu cikin uku na banan dole ya zama wayam. Na ce hoto a dama ne saboda boko daga hagu ido yake faro shi. In da ajami ko Larabci za ka rubuta, sai ka juya.

Hanya ta farko, ka faɗa wa manhajar sikelin tun daga farko. A manhajar zane ta Midjourney ana ƙara `--ar 3:1` a ƙarshen umarni. Masu amfani da wata manhajar zane mai suna SDXL kuwa, mafi faɗin girman da aka saba ba shi shi ne fiksil, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoto, 1536 da 640, wato 2.4:1, sai ka yanke fiksil 128 daga tsayi ya koma 1536 da 512. Don haka ka bar sarari a saman kan manomin, kada yankan ya tafi da hularsa. Amfanin wannan hanya shi ne hoton ɗaya ne tun daga wannan baki har wancan, haske ɗaya, ƙasa ɗaya, babu ɗinki.

Matsalarta ita ce ta same ka. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga hotunan da yawancinsu cike suke, ba sa son ganin fili a banza. In ka ba su faɗi mai yawa sai su maimaita abin da ka nema: manomi ɗaya ya zama biyu masu fuska iri ɗaya, ko buhun taki ya miƙe kamar katifa. Na taɓa yi wa wani mai injin niƙa irin wannan, sai bayan an buga muka lura injin bel biyu ne da shi, ɗayan yana reto a iska. Kuma idan ka rubuta cewa a bar wurin rubutu, sau da yawa kalmar rubutun take kamawa, ta watsa maka haruffan da ba na kowane yare ba. Dabarar ita ce ka faɗi abin da zai zauna a filin, abu mai santsi kamar sararin sama ko katangar ƙasa da aka yi wa yaɓe. Ga misali a Midjourney, inda `--no text` ke cewa kada a zana haruffa:

```
farmer with fertilizer sacks at far right, plain pale sky filling left two thirds --ar 3:1 --no text
```

Ko da haka, ka sa rai za ka gwada sau da yawa kafin manomin ya yarda ya koma gefe, kuma kowane gwaji data ne.

Hanya ta biyu, ka zana manomin da buhunansa kaɗai a 1:1, fiksil 1024 da 1024, inda manhajar ta fi ƙwarewa. Sai ka buɗe sabon shafi mai 3:1 a Canva ko PixelLab, ka jingina hoton a dama. Filin hagu ko dai ka cike shi da launi ɗaya da ka tsinto daga cikin hoton, ko ka sa a ci gaba da zana gefen, abin da `Pan` yake yi a Midjourney, `Generative Expand` kuma a Photoshop. Nan kai ke yanke iyakar fili da hannunka, ba roƙo kake ba.

Akwai kuma ribar da ba a cika lura da ita ba. A hanya ta farko, in da SDXL ka yi, fiksil 1536 ne za su miƙe a kan inci 72, kowane inci ya samu 21 kacal. A ta biyu fiksil 1024 na kan inci 24 ne, kowane inci ya samu kusan 43. Duka biyun sai an ƙara musu girma kafin a kai wa mai bugawa, amma in ka ninka sau 4, na farko zai kai 85, na biyu 170. Daga tsallaken titi ba za a bambance ba. Wanda ya tsaya a ƙofar shago yana ciniki shi zai ga fuskar manomin farko ta yi dishi-dishi.

Inda ta biyu take ba da kunya shi ne mahaɗa. Launin da ka cika da shi zai iya yi wa sararin saman hoton layi a tsaye kamar facin riga, sai ka narkar da bakin hoton a hankali cikin launin. Idan kuma ci gaban zane ka sa a yi, duba ko layin da ƙasa ta haɗu da sama ya tafi a miƙe, kuma ka cire maganar manomi daga umarnin, in ba haka ba wani manomin zai tsiro a filin rubutunka.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne yanke hoton da kake da shi. Mai 1024 da 1024 in aka yanke shi zuwa 3:1, fiksil 341 ne za su rage a tsayi, kashi biyu cikin uku sun tafi. Ja shi da yatsa ya yi faɗi kuwa, buhu zai koma tabarma.

Ga bana irin naka, ni ta biyu zan bi, da launi ɗaya a hagu. Ta farko na fi ajiye ta ga hoton da shimfiɗa ce ƙawarsa, kamar fadamar shinkafa a Haɗeja, inda babu mutum ko inji da za a maimaita.

Ko wacce ka bi, rubutun kai za ka ɗora shi daga baya, kuma ka gwada salon harafin da ƙ, ɗ da ɓ tukuna, don da yawa akwati suke nunawa a madadinsu. Filin ya zama ko mai haske duka ko mai duhu duka. Faɗuwar rana tana da kyau, amma rabinta zai haɗiye farin rubutu, rabi ya haɗiye baƙi. Kafin ka tura, jingina wayar a kan buhu, ka ja baya taku biyar, ka kira yaron shago ya karanta maka.