Sharhi kan PARI/GP: na gwada ta wajen gano folinomiyal da ba ya tsaguwa

Zangon karatu guda na yi ina amfani da PARI/GP wajen shirya wa ɗalibai tambayoyin aljabara, musamman babin da ake tambaya ko folinomiyal yana tsaguwa gida biyu a kan lambobin rashonal, wato waɗanda ake rubutawa a/b. Manhajar ta fito ne daga Jami'ar Bordeaux ta Faransa, Henri Cohen da abokan aikinsa suka fara ta, kuma kyauta ce. Ba ta da nauyi, tana buɗewa nan take, sai dai baƙin allo kawai za ka gani yana jiran ka rubuta umarni.

Tana da umarnin `polisirreducible`, wanda ke ba ka 1 idan folinomiyal ba ya tsaguwa, 0 idan yana tsaguwa. A duk waɗanda na sake bi da hannu ban kama ta da kuskure ba. Matsalar ita ce wannan 1 ɗin ba ya zuwa da dalili, ni kuwa dalilin nake koyarwa. Ɗalibin da ya rubuta “manhaja ta ce” a takardar jarrabawa bai amsa komai ba. Don haka da tafiya ta yi tafiya sai na koma kan `factormod`, a nan ne na ci moriyarta sosai.

Ga tambayar da na fi jin daɗin haɗawa da ita: f = 3x^4 + x^3 + x^2 + 2x + 5.

Ana farawa da gwajin tushe. Idan a/b tushen f ne, kuma an rage shi iya raguwa, dole a ya raba lambar ƙarshe, wato 5, b kuma ya raba lambar gaba, wato 3. Saura 'yan takara takwas ke nan: 1, 5, 1/3, 5/3, da kowannensu ɗauke da alamar ragi. Huɗun farko ba sai an taɓa su ba, tunda duk lambobin f na ƙari ne, jimlar ba za ta sauko sifili ba. Sauran huɗun na bar wa manhajar:

```
f = 3*x^4 + x^3 + x^2 + 2*x + 5;
[subst(f, x, r) | r <- [-1, -5, -1/3, -5/3]]
```

Ta dawo da 6, 1770, 40/9 da 620/27. Na ji daɗin yadda ta bar su a a/b ɗinsu ba ta mayar da su lambobi masu ɗigo ba, domin a irin wannan aiki “kusa da sifili” ba amsa ba ce. Babu tushe ke nan.

A nan ne ɗalibai da yawa ke ajiye biro su ce an gama. Da digirin f 2 ne ko 3, da sun yi daidai, domin duk yadda aka tsaga shi sai ɓangare ɗaya ya zama mai digiri 1, wanda kuwa tushe ne. Amma digiri 4 yana iya rabuwa biyu da biyu ba tare da tushe ko ɗaya ba. Misalin da nake rufe musu baki da shi x^4 + 4 ne: ba shi da tushen rashonal, amma daidai yake da (x^2 + 2x + 2)(x^2 - 2x + 2). Abin da gwajin tushe ya kawar mana kawai shi ne rabuwar 1 da 3.

Sai a koma ragewa da lambar firam. Kowace lamba ta cikin f a maye gurbinta da abin da ya saura bayan an raba ta da 2, sai f ya koma x^4 + x^3 + x^2 + 1.

```
lift(factormod(f, 2))
```

Amsar ita ce (x + 1)(x^3 + x + 1). Wannan `lift` ɗin kar ka manta da shi, in ba haka ba kowace lamba za ta fito sanye da `Mod(1, 2)`, idonka ya gaji kafin ka karanta layi ɗaya.

Da farko za ka ɗauka gwajin ya ci tura, tunda f ya tsage a modulo 2. To amma dubi yadda ya tsage. Ɓangaren x^3 + x + 1 ba ya ƙara rabuwa, domin idan ka sa 0 ko 1 duk 1 yake bayarwa. Da a ce f yana rabuwa biyu da biyu a kan rashonal, sakamakon Gauss ya ba mu damar ɗaukar ɓangarorin biyu da cikakkun lambobi, kuma idan aka rage su da 2 za su zauna masu digiri biyu-biyu. Ɓangare mai digiri 3 da ba ya rabuwa kuwa ba shi da wurin zama a cikin mai digiri 2. Modulo 2 ya hana rabuwar 2 da 2, gwajin tushe ya hana ta 1 da 3, babu wata hanya da ta saura. Kowane gwaji shi kaɗai bai isa ba, sai da aka haɗa su.

Akwai sharaɗin da manhajar ba za ta tuna maka ba, kuma ni kaina ya taɓa kama ni ina cikin sauri: kada firam ɗin ya raba lambar gaba. Na rage 2x^3 + 3x^2 + 3x + 1 da 2, na ga x^2 + x + 1 wanda ba ya tsaguwa, na kusa rubuta shi a jerin amsoshi. Ashe digirin ya faɗo daga 3 zuwa 2 ban lura ba. Ainihinsa (2x + 1)(x^2 + x + 1) ne, ɓangaren 2x + 1 ne ya koma 1 ya ɓace. Laifina ne, tambayar da na yi ita aka amsa mini. Yanzu digirin amsar nake fara dubawa. Wannan ne ma ya sa a misalinmu na sama 2 ya halatta, 3 kuwa bai halatta ba.

Inda ta fi burge ni shi ne ranar da na nuna wa ɗalibai iyakar hanyar da x^4 + 1:

```
forprime(p = 2, 50, print(p, " ", lift(factormod(x^4 + 1, p))))
```

Kafin ƙiftawar ido jerin ya fito. A 2 ya zama (x + 1)^4, a 3 ya zama (x^2 + x + 2)(x^2 + 2x + 2), a 5 ya zama (x^2 + 2)(x^2 + 3), a 17 ya watse gida huɗu. Wani ɗalibi ya ce, “Malam, a ƙara zuwa dubu mana, wataƙila a dace.” Muka ƙara, ba a dace ba, kuma ba za a taɓa dacewa ba: ga kowane firam da ya wuce 2, lambar 8 tana raba p^2 - 1, wannan kuwa yana tilasta wa ɓangarorin kada digirinsu ya wuce 2. Duk da haka x^4 + 1 ba ya tsaguwa a kan rashonal. Hujjar sai an canza dabara: a sa x + 1 a madadin x, a sami x^4 + 4x^3 + 6x^2 + 4x + 2, sannan gwajin Eisenstein da 2 ya kammala aikin.

Malamin da ke neman folinomiyal mai siffar rabuwa ta musamman don haɗa tambaya, zan ce ya sauke ta yau. Ɗalibin da bai taɓa raba folinomiyal a modulo 2 da hannunsa ba, gara ya yi biyar ko shida a takarda tukuna, domin manhajar ba ta nuna matakai, kuma bayanin da `?factormod` ke bayarwa gajere ne, an rubuta shi don wanda ya riga ya san abin da yake nema.