Kafin ka danna Send: wace hanya ce ta fi kama habaici a imel ɗin ofis?

Habaici a imel ba ya zuwa da zagi. Da ladabi yake zuwa, shi ya sa mai rubutun ba ya ganinsa, amma wanda aka aika wa yana karantawa zai ji ya soke shi. Akwai hanyoyi huɗu na tace saƙo kafin ya fita, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ga misalin da za mu gwada su a kai. Kana jiran lissafin kuɗin man mota na watan Yuni daga abokin aikinka, har ka tuna masa sau biyu. Sai ka rubuta: "Malam, kamar yadda na faɗa tun makon jiya, an ce za a turo, har yanzu shiru. Na san dai aiki ya yi yawa. Idan ba damuwa a taimaka." Kuma ka sa oga a layin Cc.

Hanya mafi sauƙi ita ce neman kalmomi. Ka ajiye jerin maganganun da ka san kana yi idan ranka ya ɓaci, ka danna Ctrl+F a burauza ka neme su ɗaya bayan ɗaya: "kamar yadda na faɗa", "har yanzu", "dai", "ko ba ka gani ba ne". Idan da Turanci ofishinku ke rubutu, waɗannan su ne suka fi yawa:

```
per my last email
as already stated
gentle reminder
```

Ba ta cin minti ɗaya, amma abin da ka riga ka sani kaɗai take kamawa. A misalinmu za ta nuna maka "kamar yadda na faɗa", "har yanzu" da "dai", ta bar "an ce za a turo", alhali nan dafin yake. Mutum ɗaya kake wa magana, amma ka koma "an" da "a" kamar ba ka san wanda ya yi alkawarin ba. Wannan ita ce babbar alamar gugar zana a rubutun Hausa, kuma babu kalma guda da za ka nema ka gano ta.

Sai jinkirta saƙo. A nan mutane ke ruɗewa, domin iri biyu ne. Undo Send na Gmail, wanda ake saitawa a Settings ƙarƙashin General, yana ba ka daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30. Ka sa shi a 30. Ya isa ka cire oga daga Cc ko ka tuna ba ka haɗa takarda ba, amma fushi ba ya sauka cikin rabin minti. Don haka Schedule send ya fi: ka danna ƙaramar kibiyar da ke gefen Send, ka zaɓi gobe da safe, saƙon ya zauna a Scheduled inda za ka iya janye shi ka gyara. A tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta kuma ana iya kafa ƙa'ida da ke riƙe kowane saƙo a Outbox har minti 120. Matsalar jinkiri ɗaya ce: idan ba ka koma ka karanta ba, habaicin zai tafi yadda yake, sai dai a makare.

Ta uku, karantawa a bayyane, ita na fi ba da shawara, musamman idan an haɗa ta da jinkirin. Ka karanta kowace jimla kamar mutumin yana zaune gabanka, ka tambayi kanka: wannan bayani take ba shi, ko buƙata take faɗa, ko dai so nake ya ji kunya? "Na san dai aiki ya yi yawa" ba ta ba da labari, ba ta nemi komai ba. Goge ta. Abin da zai rage shi ne: "Malam, barka da aiki. Ina buƙatar lissafin man mota na Yuni kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis, domin Juma'a zan miƙa rahoto. Idan akwai inda ya tsaya, sanar da ni yau mu duba." Lura cewa wannan ya fi na farkon tsauri, tunda akwai rana da lokaci, amma babu abin da zai riƙe a zuciya.

Nuna wa wani amintacce shi ne ya fi kowace hanya kaifin ido, amma yana da tsada: mutum na uku ya san rigimar ke nan. Ka ajiye shi don saƙon da zai iya kaiwa gaban shugabanni, kuma ka zaɓi wanda ba ya cikin sashenku.

Idan tunatarwar yau da kullum ce, neman kalmomi da daƙiƙa 30 sun wadatar. Idan ka ji hannunka na sauri a kan madannai, ka sa shi ya kwana, ka karanta a bayyane da safe. Idan kuwa wannan ne karo na uku a kan magana ɗaya, ka bar imel ɗin, ka tashi ka same shi a teburinsa ko ka kira shi, sannan ka aika layi biyu na abin da kuka tsayar.