Tessaoua ko Tasawa: a gyara rubutu, ko a ba gari lamba?

"Ina aika kaya ƙauyukan jahar Maraɗi. Yaron shagona yana rubuta sunan gari da faransanci, ni da boko, wasu dillalaina kuma da ajami suke turowa. A Excel gari ɗaya sai ya fito kamar gari uku. In maida su duka rubutu ɗaya, ko in bar kowane yadda ya zo?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kwamfuta harafi da harafi take gwadawa, ba ta jin lafazi. Faransawa sun rubuta sunayenmu da ƙa'idar bakinsu: ou a wurin u ko w, dj a wurin j, ss don kada s ta koma z. Shi ya sa Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Gazawa ta zama Gazaoua. Ajami kuma ɗ ɗinmu da ط yake rubuta ta, Maraɗi ta fito مَرَطِ, alhali takardar larabci مارادي take sawa.

Hanyar maida komai rubutu ɗaya tana da sauri. Kana sa wa kwamfuta dokokin musanya haruffa, misali a Excel na faransanci:

```
=SUBSTITUE(SUBSTITUE(MINUSCULE(A2);"aoua";"awa");"ss";"s")
```

Gazaoua za ta fito gazawa, daidai da bokonka. Amma gwada Tessaoua: tesawa za ka samu, kai kuwa Tasawa ka rubuta, harafi ɗaya ya raba su. In ka ƙara dokar da ke maida e ta koma a, za ta ɓata maka wasu sunayen. Haruffa masu lanƙwasa ma suna da tasu matsala: manhajar da ke cire alamar é a Aguié ta bar e, sau da yawa ba ta taɓa ɗ, domin a tsarin Unicode ɗ harafi ne mai zaman kansa, ba d da aka ɗora wa alama ba. Sai ka sa dokar ɗ, ƙ, ɓ da ƴ da hannunka. Zinder da Damagaram kuwa babu dokar da za ta haɗa su, suna biyu ne na gari ɗaya.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne tana iya haɗa abin da ba ɗaya ba. Tibiri biyu ne, na Gobir nan kusa da mu, da na jahar Dosso. Zariya kartiye ce a cikin Maraɗi, kuma birni ce a Najeriya. Gari ɗaya da ya rabu uku za ka gan shi a lissafi ka gyara. Gari biyu da suka haɗe ba ka sani sai buhu ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Ɗaya hanyar ita nake ba ka shawara, ko da ta fi cin lokaci da farko. Ka bar kowane rubutu yadda ya zo, ka ba kowane wuri lamba guda. Buɗe sabon shafi, ka kira shi Sunaye, kowane salon rubutu da layinsa:

```
Tessaoua   014
Tasawa     014
Dan Issa   022
Dan-Issa   022
Ɗan Isa    022
```

Na ajami ma layi za ka ƙara masa, ɗaya da wasali, ɗaya babu, domin kwamfuta daban take ɗaukar su. Sannan a shafin oda ka nemo lambar:

```
=RECHERCHEV(SUPPRESPACE(A2);Sunaye!A:B;2;FAUX)
```

Kada ka sake FAUX ɗin nan ya zama VRAI, in ba haka ba Excel zai iya ɗauko maka lambar wani gari can ba tare da ya faɗa maka ba. Idan #N/A ya fito, sabon salo ne ya shigo. Kira dillalin a talho ka tabbatar da garin, ka ƙara layi ɗaya, daga ranar an gama da shi. Sunan da wuri biyu suke da shi kuma kada ka shigar da shi tsurarsa: rubuta Tibiri Gobir, ko Zariya Maraɗi, don Tibiri kaɗai ya riƙa tsayawa sai an tambaya.

A wani shafi, kowace lamba ta samu komin ɗinta da gundumarta, da rubutu guda na hukuma. Wannan ka ɗauko shi daga RENALOC, kundin garuruwa na hukumar ƙididdiga ta ƙasa wanda aka gina kan ƙidayar 2012, ko daga takardun mari. Shi za ka riƙa bugawa a rasit da duk takardar da za ta bi ta hannun duwan ko banki, domin ma'aikaci da abin da ke katin mutum yake gwadawa. A jikin buhu kuwa ka sa na hukuma, ƙarƙashinsa na boko ko ajami, da lambar talhon mai karɓa, tunda ɗan kamasho da direba wanda suka iya karantawa shi za su bi.