Biyan kuɗin wata ko sayen kaset: wanne ya fi sauƙi ga mai buga gem?

Kafin ka sa kuɗinka a PlayStation Plus ko Xbox Game Pass, ka ƙirga gem nawa ka buga har ƙarshe a bara. Waɗanda ka buɗe ka leƙa ka rufe ba sa cikin lissafi. Kamfanonin nan suna tallar ɗaruruwan wasanni, amma abin da kake ci daga ciki shi ne wanda ka samu lokaci da wuta da data ka buga.

Tsarin biyan wata haya ce. Muddin kana biya ƙofa a buɗe take, ranar da kuɗi ya ƙare kuwa sai ka ga kwaɗo a kan gem ɗin ko da yana nan cikin na'urarka. Wani lokaci ma kana biya za a cire gem daga jerin, don yarjejeniyar da aka yi da masu shi ta ƙare.

Farashin da zan kawo na Amurka ne, saboda shagon PlayStation ba shi da reshen Najeriya, yawancin mutanenmu da asusun Amurka ko na Birtaniya suke amfani, suna sayen katin kuɗi su loda. A Satumban 2023 Sony ta mayar da kuɗin shekara na matakan PlayStation Plus uku haka: Essential, ƙaramin mataki, dala 79.99, Extra mai jerin wasanni dala 134.99, Premium dala 159.99. A Oktoban 2025 Microsoft ta kai Game Pass Ultimate, babban matakinta, dala 29.99 a wata. Sabon babban gem kuwa dala 69.99 ne galibi. Farashin nan yana motsi, saboda haka ka duba na ranar da za ka saya, amma yadda ake lissafin ba ya canzawa.

Mu fara da mutumin da ya fi yawa a cikinmu, wato wanda ƙwallo kaɗai yake bugawa. Kullum bayan la'asar shi da abokai a ɗaki, fad biyu, EA Sports FC, wanda har gobe muke kira FIFA. Wannan ba shi da abin yi da Extra ko Ultimate. Ya sayi kaset ɗinsa sau ɗaya ya buga shekara guda cur. Sabon yana fitowa a ƙarshen Satumba, kuma idan ya yi haƙurin wata biyu zuwa ƙarshen Nuwamba yakan same shi da rangwame mai kauri. Buga wa juna a ɗaki ɗaya ba ya bukatar biyan komai. Sai in yana son karawa da mutane ta intanet ne Essential zai zama dole, shi ma ga wasannin da ake saya. Na kyauta irin su eFootball da Fortnite ana buga su ta intanet ba tare da PlayStation Plus ba. Akwai EA Play, tsarin biyan wata na kamfanin da ke yin FC, mai arha, amma sabon FC ba ya shiga cikinsa gaba ɗaya sai bayan watanni, lokacin da kakar ta yi nisa. Da farko gwajin awa 10 kawai ake ba ka.

Wanda biyan wata yake yi wa rana shi ne mai son wasannin labari, ya gama wannan ya kama wancan, kuma bai damu sai sabo fil ba. A ce ka sayi PS5 bana, ba ka taɓa buga manyan wasannin shekarun baya ba. Dala 134.99 ta Extra ba ta kai kuɗin sababbin gem biyu ba, to in ka gama huɗu ko biyar daga jerin a shekara ka ci riba ƙarara. In ma dama kana biyan Essential saboda buga intanet, ƙarin da za ka yi dala 55 ce kacal, bai kai gem ɗaya ba. Sai dai ka sani Sony ba ta saba zuba manyan sababbin wasanninta a jerin ranar fitowarsu ba, sai sun kwana biyu. Microsoft ce ta yi suna da wannan a Ultimate, shi ya sa kuɗinta ya fi zafi: a farashin Oktoban 2025, dala 29.99 sau 12 ya kama dala 359.88, kuɗin sababbin gem biyar da ɗan canji. Mai aiki ko ɗalibin da sai ƙarshen mako yake taɓa fad da wuya ya gama biyar.

Ga inda lissafin turawa yake karyewa a wurinmu. Kaset yana da kasuwa bayan ka gama da shi. A ce ka sayi gem dala 70, ka gama cikin wata guda, ka sayar rabin kuɗi ko ka yi musaya a shago ka cika kaɗan. Ainihin abin da ya fita daga aljihunka dala 35 ne. Da wannan lissafi, sai ka buga gem goma a shekara kafin Ultimate ya biya kansa, Extra kuma kusan huɗu. Wannan dama ta mai na'ura da wurin sa kaset ce. Mai Xbox Series S ko PS5 marar wurin kaset ba shi da ita, shi ya sa biyan wata ya fi zama masa daidai.

Sai data, wadda mutane suke mantawa har sai ta ƙare musu. Gem ɗin da ke cikin biyan wata galibi saukewa ake yi, kuma manyan wasannin yanzu sukan kai gig 50 zuwa 100, wasu su wuce. Mai intanet ɗin gida marar iyaka ba ruwansa. Wanda yake haɗa na'ura da wayarsa kuwa, ya duba girman gem ɗin a shafinsa kafin ya danna, ya kwatanta kuɗin wannan data da farashin kaset ɗin hannu na wannan gem a kasuwa. Sau da yawa, musamman ga tsohon gem, kaset ne zai yi nasara. Shi ma kaset yana neman sabuntawa, amma yawancin wasannin labari suna tashi ko ba ka sauke ta ba.

Tsawon gem ɗin ma yana juya lissafi. Gem mai awa 15 za ka iya biyan wata ɗaya, dala 14.99 a Extra a farashin 2023, ka gama shi ka tsaya, wannan kam babu abin da ya kai shi arha. Amma ɗauki mai awa 100 ga wanda yake samun awa 5 a mako: mako 20 ke nan, kusan wata biyar, dala 75. Ka biya fiye da kuɗin gem ɗin kuma ba naka ba ne. Dogon gem da wanda za ka riƙa komawa kullum, saye ya fi.

Ni shawarata ga mai tsaka-tsaki ita ce ya sayi kaset ɗin gem ɗin da yake bugawa kullum, sannan ya riƙa biyan wata ɗaya ɗaya lokacin hutun makaranta ko na aiki, bayan ya riga ya zaɓi gem biyu da zai buga. Na shekara ya fi arha idan aka raba wata wata, amma ga wanda zai yi amfani da shi duk shekara. Kuma da zarar ka biya, ka shiga saitin asusunka ka kashe sabunta biyan kuɗi kai tsaye, domin in akwai ragowar kuɗi a asusun za a cire wata mai zuwa ba tare da an tambaye ka ba. Ka kuma tabbatar katin da dillali zai sayar maka na ƙasar asusunka ne, don katin Birtaniya ba ya shiga asusun Amurka.