Gyaran Turancin da ya kusa hana matan ƙungiyarmu rance

Da farko dai, ban ce mutumin nan da ya gyara mana rahoto bai iya Turanci ba. Ya iya, kuma saboda haka ne abin ya fi ba ni haushi. Masu karɓar aikin gyaran rubutu a shagunan buga takardu na bakin jami'a kun san su, kun san yadda suke caji shafi-shafi. Wannan ma yabonsa aka yi mini kafin in kai masa rahoton ƙarshen shekara na ƙungiyarmu, wadda ke sama wa manoman rani rancen injin ban-ruwa da taki. Ma'aikatanmu na karkara ne suka rubuta, kowa da babinsa, ni kuma na haɗa. Lokacin miƙa wa masu ba mu tallafi ya matso, sai muka ce a ba ƙwararre ya tace.

A babin da ya shafi wata ƙungiyar mata masu noman tumatir da albasa akwai jimla mai cewa "The group failed to completely repay the loan". Ma'anarta, matan sun biya amma da saura. Gaskiyar ke nan, domin sun biya kaso mafi yawa, tsutsar tumatir ce ta hana su cikewa. Da rahoton ya dawo daga wurin gyara, jimlar ta koma "The group failed completely to repay the loan". Kalma ɗaya ya ɗaga, ya tsallakar da ita gaban "to". Duk mai jin Turanci da ya karanta wannan, abin da zai fahimta shi ne matan sun gaza gaba ɗaya, ko sisi ba su mayar ba.

Haka rahoton ya tafi. Sai ga waya daga jami'ar da ke kula da mu a ofishin masu tallafi, tana tambaya yaya aka yi muka sa waɗannan mata cikin masu karɓar rancen baɗi alhali mu da kanmu mun rubuta cewa ba su biya komai ba. Allah ya taimaka ta duba jadawalin da ke ƙarshen rahoton, ta ga alƙaluman sun saɓa wa maganar, ta kira. Da a ce ba ta duba ba, da an soke sunan matan da suka sayar da awakinsu don su fita kunyar bashi. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na koma shagon na nuna masa jimlolin biyu. Na ce, "Malam, me ya sa ka taɓa wannan?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙa'ida ce. Ba a raba 'to' da aikatau ɗinsa, haka aka koya mana tun sakandare." Na ce to ka ga ma'ana ta canza? Ya sake karantawa, ya yi shiru, sannan ya ce shi nahawu ya duba, bai duba ma'ana ba.

Wannan ƙa'idar da ya riƙe, wadda malamai ke kira raba infinitif, ba ta cikin asalin harshen. Turawa suna sa bayanau, wato kalma irin "completely", tsakanin "to" da aikatau tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sai a ƙarni na 19 aka fara kushe abin. Wanda ya fi yaɗa ƙyamarsa shi ne Henry Alford, wani babban malamin coci a Canterbury, cikin littafinsa na 1864, daga nan ya shiga littattafan makaranta, ya biyo Turawan mulki har ya iso ajinmu. Amma tun 1926 H. W. Fowler, marubucin wani sanannen littafi kan yadda ake amfani da Turanci, wanda ba a taɓa zarginsa da sassauci a kan Turanci ba, ya bayyana cewa gara a raba da a rubuta jimla mai harshen damo ko mai nauyin faɗa. Kuma "to" ɗin ba wani ɓangare ne na aikatau da aka haife su tare ba. Ai ana cewa "they can repay", ga aikatau nan tsaye babu "to" ko kusa.

In ma ya ƙi jinin rabawar, akwai hanya: ya kai kalmar ƙarshe, ya ce "failed to repay the loan completely", ma'ana tana nan daram. Wannan da ya yi, da ban ce uffan ba. Amma akwai inda babu mafita sam. Mun rubuta cewa ana sa ran amfanin gona zai ninka har ya haura, "yields are expected to more than double". Ya mayar da ita "expected more than to double", wadda babu Baturen da zai furta. A irin wannan jimla "more than" ba shi da wurin zama sai nan tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗaga kalmar ka karanta da ƙarfi. In ma'ana ta motsa ko harshe ya yi tuntuɓe, mayar da ita inda take.

Zan faɗi alherinsa, domin yana da shi. Ya gama a ranar da ya yi alkawari. Ya daidaita lambobin shafi da kanun jadawali, ya mayar da rubutun duka kan salon Birtaniya tunda wasu cikinmu sun gauraya da na Amurka. Da na nuna masa ɓarnar bai yi gardama mai tsawo ba, ya ba da haƙuri. Lokacin da na bar shagon, niyyata in ce wa abokan aiki su ci gaba da kai masa, su dai riƙa dubawa.

Da na dawo gida na ɗauko tsohon kwafin na jera shi da sabon, shafi da shafi, sai wannan niyya ta gushe. Ashe akwai ƙa'ida ta biyu da yake farauta, wato kada jimla ta ƙare da ƙananan kalmomin nan irin "on", "with", "for" da "to", waɗanda ake kira firifozishan. Wasu gyare-gyaren ba su cutar ba. Ya mayar da "the wells the farmers depend on" zuwa "the wells on which the farmers depend". Duka biyun daidai ne, ta biyun ta fi kama da Turancin ofis, ba ni da ja. Amma da ya iso "this problem has not been dealt with" bai sami inda zai kai "with" ba, sai kawai ya goge ta. Jimlar ta zama "has not been dealt", wadda gurguwa ce, domin "deal with" shi ne magance matsala, "deal" shi kaɗai kuwa rabawa ne irin na karta. A wani wurin ya sa "on which" a gaba ya manta da na bayan, aka sami "on which they rely on". Wato jimlolin da muka kai masa lafiya lau, shi ya saka musu kuskure na gaske garin gudun na ƙarya.

Ita ma wannan ƙa'idar an san tushenta. Mawaƙi John Dryden ne a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka, daga baya ya bi wani tsohon rubutunsa yana cire irin waɗannan jimloli. Mutanen zamaninsa da Latin suke auna kyan harshe, a Latin kuwa ba a barin irin wannan kalma ita kaɗai bayan an ɗauke sunan da take riƙe da shi. Turanci ba haka gininsa yake ba. Robert Lowth, wanda ake yawan jingina wa dokar saboda nahawunsa na 1762, bai haramta ba. Cewa ya yi ɗabi'ar harshen ce, sai dai ɗayan salon ya fi dacewa da rubutu mai nauyi, kuma a jimlar da ya faɗi haka shi kansa ya bar "to" a wutsiya. Fowler kuwa camfi ya kira abin kai tsaye. Tambaya irin "What is the fertiliser used for?" da ke cikin takardar tambayoyinmu, wa zai ce kuskure ce?

Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai shi ne kurakuran da ya tsallake. Ɗaya daga cikin ma'aikatanmu ya rubuta "the pump which they irrigate with it". Na san daga inda wannan ta fito, Hausa ce tsantsa: injin da suke ban-ruwa da shi. Mu a Hausa ba ma barin "da" a rataye, dole mu cike da "shi" ko "ita". Turanci kuwa ba ya son wannan cikon, "which" ta riga ta tsaya a madadin injin, don haka "it" ce ya kamata ta fita a bar "with" a ƙarshe. Mai gyaranmu ya ga jimlar ba ta ƙare da "with" ba, sai ya wuce ta. Kun ga yadda camfin ke rufe ido: daidai ɗin ya yi masa kama da kuskure, kuskuren ya yi kama da daidai.

Haka ya bar "discussed about" a wurare da dama, alhali "discuss" ba ta ɗaukar "about". Ya bar "to enable farmers buy fertiliser", inda "to" ta gaban "buy" ta ɓace, kuskuren da ya cika takardun ofisoshinmu a Najeriya. Ya bar "we look forward to receive", wadda ya kamata ta zama "receiving", domin "to" ɗin nan ba ta infinitif ba ce. Waɗannan su ne mai karatu a ƙasar waje zai gani ya ɗaga gira, kuma don su muka biya kuɗi. Mutumin da ya ce yana kishin "to" har ya sauya ma'anar jimla saboda ita, ga wurin da ta faɗi gaba ɗaya bai lura ba.

Sannan bai kunna Track Changes ba, wato abin da ke nuna kowane gyara da aka yi wa rubutu a kwamfuta. Kwafi fes ya dawo mana da shi, babu alamar inda ya taɓa. Da ya kunna, da kallo ɗaya zai nuna mana jimlar rancen nan kafin ta bar ofis.

Ba zan sake kai masa ba. Wanda duk zai ba wani irin wannan aiki, ya fara ba shi shafi guda na gwaji, ya saka "to more than double" da "has been dealt with" a ciki, ya kuma saka "discuss about". In ya taɓa biyun farko ya bar ta ukun, a karɓe takardar. Mu dai sai da muka rubuta wa masu tallafi wasiƙar gyara, muka haɗa da rasitan biyan da matan suka yi, kafin aka tabbatar da sunansu cikin jerin masu rancen baɗi.