Kafin Ka Sayi Injin Casar Shinkafa: Yadda Ake Sa Masa Kuɗi

Wani ƙanena ya zo mini da takarda a hannu, bakinsa har kunne. An yi masa tayin injin casar shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Garun Malam: fili da rumfa, injin casa, injin cire tsakuwa, janareta, da shansherar da ke cikin sito, duka a kan naira miliyan 100. Ya ce, "Yaya, Alhajin ya ce miliyan 24 yake samu a shekara. Shekara huɗu da 'yan watanni na mai da kuɗina." Na ce masa ya zauna mu auna, domin irin wannan lissafin na baki ne ya taɓa cinye mini jari.

Ma'aunin da muka bi shi ne wanda za ka ga an rubuta DCF a takardun masu ƙima. Ana ƙiyasta tsabar kuɗin da sana'a za ta bari a hannunka kowace shekara, sannan a rage musu daraja gwargwadon nisansu, tunda dubun da za a ba ka nan da shekara biyar ba ta kai dubun yau ba. Abu biyu ne mai saye zai zaɓa da kansa: kason da zai yi ragin da shi, da kuɗin da zai sa wa injin a ƙarshen shekarun da ya ƙiyasta. A nan ake cin mutane.

Da farko sai da muka tace miliyan 24 ɗin. Alhajin shi ke tsaye a kan injin tun asuba, ba ya cire wa kansa albashi, ƙanena kuwa dole ya ɗauki manaja: miliyan 3 ta fita. Gyara da tanadin sabon janareta da sauya kayan da ke cinyewa, miliyan 4. Farashin shanshera na hawa, don haka kowace shekara sai ka ƙara jari kafin ka cika sito kamar bara, miliyan 3. Abin da ya rage miliyan 14 ne. Muka ƙiyasta shekara biyar: 14, 16, 18, 20, 22. Ƙarin nan yawancinsa tashin farashi ne kawai, injin ba zai haifi wani injin ba.

Kason ragi shi ne ribar da za ka yarda da ita a shekara kafin ka jefa kuɗinka cikin wannan kasada. Ba kuɗin ruwa ba ne da za a karɓa a hannun wani, sikeli ne na auna ciniki. Hanyar da ake koyarwa a jami'a, wadda ake rubutawa CAPM, ta dogara ne da hawa da saukar hannun jarin manyan kamfanoni a kasuwar Legas, kuma babu abin da ya haɗa su da rumfar kwano a Kura. Wasu kuma sukan ɗauki kason da banki ke sa wa bashi, alhali banki yana riƙe da jingina, kai kuwa in an faɗi kai ne na ƙarshen karɓa. Mafi muni ita ce kashi 10 ko 12 da ake kwafowa daga littattafan waje. Wannan kaso na dala ne. Mu da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma Babban Banki ya kai kasonsa 27.5 a Nuwambar shekarar, in ka rage naira da kashi 10 ka yaudari kanka.

Ni hanyar ɗori nake bi, kuma ita nake so ka bi. Ka fara da abin da kuɗinka za su samu kana kwance a gida. Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa ta gwamnati, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara, na 2025 kuwa kashi 19.75. Mu ce 20. Wannan shi ne tushe, domin babu mai hankalin da zai sha ƙurar buntu a kan ƙasa da abin da takarda za ta ba shi. Sai ka ɗora 5 saboda ƙaramar sana'a ce: in ka matsu ba za ka sayar da ita a mako ɗaya ba, kuma littafinta ba wanda ya tantance. Sai wani 5 saboda abin da ya shafi wannan injin shi kaɗai. Man janareta na iya tashi dare ɗaya. Gwamnati na iya buɗe ƙofa, kamar yadda a Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare. Ruwan madatsar Tiga na iya jinkiri, noman rani ya ragu. Jimla 30. Abin da ya sa nake son hanyar nan shi ne kowane ɗori yana da suna, kana iya zama da mai sayarwa a kan tabarma ku yi gardama a kansa ɗaya bayan ɗaya. In ya ce biyar ta yi yawa, sai ya nuna maka dalili.

Da kashi 30, kuɗin shekarar farko ana raba su da 1.3, na ta biyu da 1.69, haka har ta biyar da 3.71. A kwamfuta ko waya layi ɗaya ne:

```
=NPV(0.3,14,16,18,20,22)
```

Amsa ita ce miliyan 41.4. Wato duk abin da injin zai ba ƙanena a shekara biyar, a kuɗin yau, bai kai rabin abin da ake nema ba. Sauran sai dai ya fito daga darajar ƙarshe, wato kuɗin da za a sa wa injin a ƙarshen shekara biyar ɗin, kuma hanyoyinta uku ne.

Ta farko ita ce ninki: a ce nan da shekara biyar za a saye shi a ninki kaza na abin da yake samarwa. Ninki huɗu na miliyan 22 zai ba ka miliyan 88. Amma wa ya san a nawa aka sayar da injin makwabci? Ciniki ne na bayan ɗaki, kowa da ƙaryar da yake faɗa. Ba na ɓata lokaci a kanta.

Ta biyu ita ce ta masanin tattalin arziki Myron Gordon, wadda ke ɗauka sana'ar za ta ci gaba har abada tana ƙaruwa da kaso ɗaya:

```
TV = FCF × (1 + g) / (r − g)
```

Ma'ana, ka ɗauki kuɗin shekara ta biyar ka ƙara musu kason girma, ka raba da tazarar da ke tsakanin kason ragi da kason girma. Da girma kashi 10: miliyan 24.2 a raba da 0.2, an sami miliyan 121. A dawo da su yau, a raba da 3.71, sun zama 32.6. Haɗe da 41.4, injin ya tashi miliyan 74. Lissafin yana da kyau, amma dubi abin da ke faruwa in aka taɓa shi kaɗan. Mai sayarwa ya ce ai shinkafa ba ta kwantai, a sa girma kashi 20: darajar ƙarshe ta koma miliyan 264, injin ya tashi 112. Ya ƙara lallaɓa ka a sauke kason ragi zuwa 25: tazarar ta koma 0.05, darajar ƙarshe 528, injin ya tashi miliyan 219. Rumfa ɗaya, ƙarfe ɗaya, ba a ƙara ko buhu guda ba, kuɗi ya ninka kusan sau uku. Alamar da za ka gane an yi maka haka ita ce ka raba darajar ƙarshe ta yau da jimlar. A lissafin 219, kusan kashi 80 cikin ɗari daga bayan shekara biyar suka fito. Da kaso irin namu na 30, in ya haura rabi sosai, ka tsaya ka duba.

Ta uku ita ce tawa: kuɗin kadara. Ka tambayi kanka, in shekara biyar ta cika na rufe ƙofa, me zan ɗauka in tafi da shi? Mun tambayi dillalan fili biyu da ba su san juna ba, muka sa wa fili da gini miliyan 45 a farashin wancan lokaci. Injuna a matsayin kwance, miliyan 10. Shanshera da bashin da za a iya karɓowa, 15. Jimla 70, a kuɗin yau 18.9, injin ya tashi miliyan 60. Na san masu ilimin abin za su ce ta cika rowa, tunda ba ta sa wa suna da masu kawo casa ko kwabo ba. Gaskiya ne. Amma ni na ga yadda sunan ke tafiya.

Shekarun baya na haɗa jari da wani muka sayi injin matsar man gyaɗa. Mun biya har da "kasuwa", wato matan da ke kawo gyaɗa da 'yan sarin da ke ɗaukar ƙuli. Wata huɗu bayan ciniki mai tsohon injin ya kafa sabo a bayan tasha. Ranar da na gane, ina zaune a kan benci da rana tsaka, injin a kashe, na ga wata dattijuwa da ta saba zuwa ta wuce da kwarya a ka. Na ce, "Inna, yau ba a leƙo mu ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ai Alhaji ya koma can." Shi suke bi, shi ke ba su bashi, shi ke zuwa sunan jikokinsu. Abin da muka saya ƙarfe ne da fili, sauran kuɗin sun bi iska. Don haka nake ɗaukar kuɗin kadara a matsayin inda zan fara tayi, na Gordon mai girma kashi 10 kuma a matsayin rufin da ba zan wuce ba, kuma ko shi sai in mai sayarwa ya sa hannu gaban mai gari da lauya cewa ba zai buɗe wani injin a yankin ba na wasu shekaru.

Duk wannan lissafi banza ne in miliyan 14 ta farko ƙarya ce, kuma a nan cutar ta fi yawa. Za a kai ka ganin injin a watan Nuwamba, kaka ta yi, buhuna har bakin titi, wasunsu ma aro aka yi don zuwanka. Ka koma a Agusta ba sanarwa. Littafin ciniki da aka rubuta da biro ɗaya, hannu ɗaya, ba ɗigon mai ko datti a shafinsa, a dare biyu aka rubuta shi. Ka bar littafin ka bi man janareta: ka tambayi yaron injin lita nawa ke cashe buhu nawa, sannan ka je wurin mai sayar musu da mai ka ji nawa suka sha a shekara. In buhunan littafi sun ninka abin da man zai iya, ka sami amsarka. Ka tambayi masu sayen buntu da dusa mota nawa suke ɗauka a wata. Fenti sabo a kan inji ba ya nuna shekarunsa, ka zo da makanikenka ya buɗe ciki ya saurari ƙararsa da kaya a ciki.

Sai bashi. Kuɗin da muka fitar na sana'ar ne dukanta, duk bashin da ke kanta sai an cire shi naira da naira. Akwai manoman da aka karɓi shansherarsu ba a biya ba, akwai 'yan sarin da suka ba da kafin alƙalami, akwai tsohon kuɗin wuta. Ba a rubuta su, amma ranar da ka karɓi makulli za su zo. Fili kuma ka binciki ko na gado ne da ba a raba ba, domin mafi girman kaso na kuɗin kadara a kansa yake.

A injin ƙanena mun gano bashin manoma na miliyan 5, don haka 60 ta koma 55, 74 ta koma 69. Ya taya 55. Alhajin ya ce albarka, ya sauko 85, ya kuma ƙi zancen sa hannu a kan buɗe sabon inji. Na ce wa ƙanena ya bar kuɗinsa inda suke, mu koma mu ga rumfar a Agusta.