Wata shida da Samsung T7 a bayan PS5 ɗina

Abin da ya kai ni ga sayen faifan waje ba komai ba ne illa kuɗin data. PS5 ɗina irin na farko ne, wanda aka rubuta 825 GB a kwalinsa, amma wurin da ya rage wa gem bai wuce 667 GB ba. Manyan gem shida ko bakwai sun cinye shi. Duk lokacin da sabo ya shigo sai na goge wani, bayan wata biyu kuma ƙanena ya ce wanda aka goge yake so, a sake sauke shi daga farko. Wanda ya taɓa sauke abin da ya haura 100 GB da datar waya ya san zafin abin. Shi ya sa na sayi Samsung T7, faifan waje na SSD mai 1 TB, kuma yau wata shida ke nan yana manne a bayan na'urar.

Bari in fara da abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Gem ɗin PS4 ana buga shi kai tsaye daga faifan waje. Gem ɗin PS5 kuwa ajiye shi kawai ake yi a can, ba ya tashi sai an dawo da shi cikin na'urar. Dalili shi ne an gina waɗannan gem ɗin ne a kan saurin faifan ciki, wanda yake karanta kusan 5.5 GB a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa T7 iyakarsa 1,050 MB. Tazarar ta ninka sau biyar. Don haka ga gem ɗin PS5 wannan faifai rumbu ne: ka zuba, ranar buƙata ka ɗebo. Ni dama rumbun nake nema, shi ya sa ban ji an rage mini komai ba. Wanda yake son buga gem ɗin PS5 ba tare da kai da kawowa ba, faifan M.2 da ake ɗaurawa a cikin na'urar shi ne nasa, ba wannan ba.

Ranar farko sai da na ɓata kusan rabin awa. Na soka kebul ɗin a ramin USB mai faɗi da ke gaban na'urar, ta ƙi karɓarsa a matsayin ma'ajiyar gem. Hankalina ya tashi, na ɗauka jabu aka sayar mini. Ashe wannan ramin na gaba mai jinkiri ne, an yi shi don abin riƙewa da makamantansa. Ma'ajiyar gem tana buƙatar rami mai saurin 5 Gbps zuwa sama, wato biyun da ke baya ko ƙaramin USB-C na gaba. Ina mayar da shi baya ta gane shi nan take. Sauran sharuɗɗan ba su da yawa: girman faifan kada ya gaza 250 GB, kada ya wuce 8 TB, kuma a haɗa shi kai tsaye, ba ta akwatin nan mai rarraba ramuka ba.

Sai maganar fomatin, kuma nan ne mutane suke yin asara. T7 yana zuwa da tsarin exFAT tun daga kamfani, na ɗauka ke nan an gama. Ba haka ba ne. Na'urar tana karanta exFAT don hotuna da bidiyo, amma kafin ta yarda ta zuba gem sai ta yi nata fomatin da kanta. Hanyar ita ce:

```
Settings > Storage > USB Extended Storage
> Format as USB Extended Storage
```

Bai ɗauki minti ɗaya ba, amma yana share duk abin da ke kan faifan. Kwana biyu kafin nan na zuba hotunan bikin yayata a kai don in gwada saurinsa a kwamfuta. Gargaɗin da ya fito a allo ne ya tsayar da ni, na cire, na kwashe su, sannan na dawo. Don Allah wanda zai yi amfani da tsohon faifansa ya fara buɗe shi a kwamfuta ya duba. Ba sai ka wahalar da kanka da sauya tsari a kwamfuta ba tukuna; bar wa na'urar aikin. Wanda kuma yake da faifan da PS4 ta riga ta yi wa fomatin ma'ajiya, kada ya sake yi masa: ya soka shi a PS5 kawai, gem ɗinsa na PS4 za su fito yadda suke.

Gwajin da na fara yi da Gran Turismo 7 ne, wanda ya haura 100 GB. A `Game Library` na tsaya a kansa, na danna maɓallin `Options`, na zaɓi `Move to USB Extended Storage`. Fitar ta ɗauki kusan minti goma. Dawowar ta fi sauri ƙwarai, kafin in gama haɗa shayi an kammala. Abin da a da yake cin dare biyu da kuɗi masu kauri. Abu biyu na lura da su a nan. Na ɗaya, inda ka tsaya a wasa ba ya bin gem ɗin, yana nan a cikin na'urar, don haka ba abin da ya ɓace. Na biyu, gem ɗin PS5 da ke zaune a faifan waje ba ya karɓar sabuntawa. Sai ranar da ka dawo da shi za ta sauko maka. Idan ya daɗe a ajiye, ka tanadi ɗan data. Kuma wanda gem ɗinsa na faranti ne, farantin sai ya shiga kafin a buga, ko ina aka ajiye shi.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne gem ɗin PS4. Na kwashe su duka can, na shiga `Settings > Storage > Installation Location` na zaɓi faifan waje don gem ɗin PS4, shi ke nan ba su ƙara taɓa cikin na'urar ba. Red Dead Redemption 2 yana tashi daga T7 ba tare da na ji wani bambanci da na ciki ba. A nan ne SSD ya fi faifai mai juyi. Amma in don ajiye gem ɗin PS5 kawai kake so, gaskiya mai juyin, wato HDD, mai 2 TB ya wadatar, ya fi araha, ka dai ƙara haƙuri wajen kwafa.

Matsala ɗaya na samu, kuma ta wuta ce. Wani dare na bar na'urar a `Rest Mode` aka ɗauke wuta. Da safe ina kunnawa ta ce ba a cire ma'ajiyar yadda ya dace ba, ta shiga gyara ta. Na bar ta ta gama, komai ya dawo. Na san da yankewar ta zo a tsakiyar kwafa, gem ɗin zai iya lalacewa. Tun daga ranar ba na kwafa sai na'urar tana kan inbata, da dare kuma kashe ta nake yi gaba ɗaya. In zan cire faifan tana kunne, sai na bi `Safely Remove from PS5` a shafin da na yi fomatin.

Yana ɗan ɗumi in an daɗe ana kwafa, musamman a watan Afrilu, amma bai taɓa yanke mini aiki ba. Kebul ɗin da ya zo da shi gajere ne, sai na ɗora faifan a kan kantar da ke bayan talabijin, nesa da inda na'urar take fitar da iska mai zafi. A yanzu gem goma sha ɗaya ne a kansa, saura wurin kamar biyu.